Bidiyo Ya Ƙi Buɗuwa: Goge Shi Aka Yi, Kulle Shi Aka Yi, Ko Cire Shi Aka Yi?

  

Yau a shirinmu na wayar da kai kan waya da intanet, batunmu bidiyon da ya ƙi buɗuwa ne. An turo maka linki, wato adireshin nan mai shuɗin rubutu da ake dannawa. Ka danna. Maimakon hoto ya motsa, sai baƙin allo da ɗan rubutu a tsakiya. Nan take wani zai ce an goge. Wani ya ce kamfani ya cire. Wani kuma ya rantse cewa mai bidiyon tsoro ya ji ya janye. Sau da yawa duk cikinsu babu wanda ya tsaya ya karanta ɗan rubutun nan.

To, shi za mu karanta yau. Zan tsaya a kan YouTube, domin shi ya fi bayyana dalili. Can gaba zan taɓo Facebook da TikTok a gurguje.

Mu fara da kashi na farko, wato bambancin abubuwa ukun nan, kullewa da gogewa da cirewa.

Ku ɗauki misalin shago a kasuwa. Ka je wajen telanka ka tarar babu shiga. Wataƙila ya sa kwaɗo ne ya tafi, kaya na nan ciki, kuma yaransa suna da mabuɗi. Wataƙila ya kwashe komai ya tashi, ya bar kango. Wataƙila kuma hukumar kasuwa ce ta rufe shagon ta manna takarda a ƙofa. Dukansu ba ka samu shiga ba, amma abin da za ka yi bayan nan ya bambanta.

Bidiyon da aka kulle yana nan da ransa. Mai shi ne ya taƙaita masu gani, kuma cikin minti ɗaya zai iya buɗewa. Bidiyon da mai shi ya goge ya tafi ke nan. YouTube ba ya dawo da abin da mai tasha ya goge da hannunsa. Wanda kuma kamfani ya cire yana tsakiya. Ba ya buɗuwa, amma mai shi na iya ɗaukaka ƙara, kuma wani lokaci yakan dawo.

A sake saurara. Na kulle yana nan. Na goge ya tafi. Na cire yana hannun kamfani.

Yanzu kashi na biyu. Kafin ka zargi kowa, fara da wayarka.

Buɗe wani bidiyon daban. Idan shi ma ya tsaya yana ta juya ɗan zoben nan, to matsalar data ce ko sabis. Mai yiwuwa bidiyonka lafiyarsa lau. Wani lokaci ma shafin ne gaba ɗaya ba ya shiga daga ƙasar da kake. Masu sauraronmu na Najeriya za su tuna daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022, lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter. A watannin nan linkin Twitter ba ya buɗuwa a layukan waya na ƙasar, alhali abin da ke cikinsa yana nan, ana kallonsa a wasu ƙasashe.

Idan sauran bidiyoyi suna tafiya, sai ka dubi linkin kansa. Nan zan ɗan daɗe, domin nan mutane suka fi yin tuntuɓe.

Kowane bidiyo a YouTube yana da lambarsa ta shaida. Baƙaƙe goma sha ɗaya ce, haɗin haruffa da lambobi, wani lokaci da ɗan layi a tsakiya ko a ƙasa. Idan linkin gajere ne, zai fara da youtu.be, sai ɗan layin nan da ya karkace, sai lambar. Idan dogo ne, za ka ga watch, alamar tambaya, harafin v, alamar daidai, sai lambar. Duk abin da ya biyo bayan goma sha ɗayan nan, bayan wata alamar tambaya ko makamanciyarta, ƙari ne kawai, ba ya cikin lambar.

Ƙirga su. Goma sha ɗaya. Idan ka samu goma, to linkin ya guntule a hanya. Yakan faru idan an kwafo shi da yatsa aka bar harafin ƙarshe, ko saƙon tes ya raba shi gida biyu. Sannan babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a lambar nan. Wanda ya kwafi linki daga takarda ko daga allon makaranta zai iya sa harafin O a inda sifili yake. Zai iya sa ƙaramin l a inda babban I yake, domin a fuskar waya kamarsu ɗaya. Kuskuren baƙi ɗaya ya isa. YouTube zai ce maka babu wannan bidiyo, kuma gaskiya ya faɗa, tunda lambar da ka ba shi ba ta kowa ba ce. Kai kuma ka tashi kana cewa an goge.

Saboda haka koma ga asalin saƙon. Ɗora yatsa a kan linkin ka riƙe, ka kwafe shi dungurungum. Kada ka buɗe shi a cikin WhatsApp ko Facebook. Kai shi burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome ko Opera, ka liƙa shi a can. Dalili kuwa, ɗan akwatin da ke kunna bidiyo a cikin wasu manhajoji yakan taƙaita bayani. Akwai ma masu tashar da ke hana a kunna bidiyonsu a wajen YouTube. A shafin bidiyon kansa ne za ka ga cikakken saƙo.

Mun zo kashi na uku, kuma shi ne zuciyar shirin. Me rubutun ya ce?

Zan karanto muku su yadda suke fitowa a allo da Turanci, in fassara nan take. Kalmomin kan ɗan sauya daga waya zuwa waya, kuma kamfanin kan yi musu gyara lokaci zuwa lokaci. Ku riƙe kalmar da ke ɗauke da ma'anar.

Na farko, kullewa. Za ka ga “This video is private” ko “Private video”. Ma'ana bidiyon na sirri ne. 'Yan uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru da wayarsu ke kan Faransanci za su ga “Cette vidéo est privée”. Sau da yawa a ƙasa akan ƙara da cewa ka shiga da asusunka idan an ba ka izini. Wannan labari ne mai daɗi. Bidiyon yana nan.

Mai tasha yana ba da izinin kallon bidiyon sirri ne ta adireshin imel. Ku lura da wannan. Idan malaminka ya ce ya buɗe maka, amma har yanzu ana ce maka na sirri ne, duba da wane imel ka shiga YouTube. Wayoyinmu da yawa imel biyu ko uku ne a ciki. Akwai wanda mai shagon waya ya buɗe maka ranar da ka saya, akwai naka na gaskiya. Idan izini na kan wannan kai kuma ka shiga da wancan, ba za ka ga komai ba. Sauya asusun, ka sake dannawa.

Me ke sa bidiyo ya koma na sirri? Ba lallai tsoro ba, ba lallai laifi ba. Wanda ya tsara bidiyo ya fita ranar Juma'a da ƙarfe takwas, kafin lokacin a kulle yake zama, ko da linkin ya riga ya fita. Wani yakan kulle ya gyara kuskure. Wani yakan kulle tsofaffin darussa idan ya yi sababbi. Akwai ma kullewar da mai bidiyon bai san an yi ba. YouTube na da wani matsayi da ake gani a allo da sunan Unlisted. Shi wannan ba ya fitowa a bincike, amma duk mai linki zai kalla. A watan Yuli na 2021 kamfanin ya mayar da irin waɗannan bidiyoyi da aka ɗora kafin shekarar 2017 zuwa na sirri, sai dai waɗanda masu su suka nemi a bar musu. Dalilinsa tsaro ne, domin tsofaffin linkunan sun fi sauƙin a gano su. Don haka idan tsohon linki ne na 2015 ko 2016 ya ce maka na sirri ne, mai yiwuwa mai shi bai taɓa komai ba. Tuna masa kawai, ya shiga ya buɗe.

Na biyu, cirewar kamfani. Ga ƙa'idar da nake so ta zauna muku. Idan YouTube ne ya cire, galibi yakan faɗa. Yakan manna takardarsa a ƙofa.

Za ka ga “This video has been removed for violating YouTube's Community Guidelines”. Ma'ana an cire shi saboda ya saɓa ƙa'idojin zaman tare na dandalin. Wani lokaci ƙarshen jimlar yakan zama “Terms of Service”, wato sharuɗɗan amfani. Wani lokaci a ambaci ƙa'idar da sunanta, kamar ta tashin hankali ko ta cin zarafi. Kalmar da za ka nema ita ce “violating”, wato saɓawa.

Akwai kuma na haƙƙin mallaka. “This video is no longer available due to a copyright claim by”, sai sunan wanda ya yi ƙorafi ya biyo baya. Ma'ana wani ya ce kayansa ne aka ɗora ba da izininsa ba. Masu bin finafinan Hausa masu dogon zango sun san wannan. Wani ya kwashi fim daga tashar masu shi ya ɗora a tasa. Bayan kwana biyu linkin ya mutu. To, sunan nan da ke ƙarshen jimlar taimako ne gare ka. Sau da yawa shi ne mai asalin kayan, ko kamfanin da ke kula masa da su. Nemi tasharsa, wataƙila ka samu fim ɗin a can da hoto mai kyau.

Sai mafi nauyi. “This video is no longer available because the YouTube account associated with this video has been terminated.” Ma'ana tashar ce gaba ɗaya aka rufe. Nan ku yi hattara da fassara. Saƙon bai ce bidiyon da kake nema ne ya yi laifi ba. Tsarin YouTube shi ne, saɓawar farko galibi gargaɗi ne. Ta gaba a hana mutum ɗora komai na mako ɗaya. Idan ya sake cikin kwana 90, mako biyu. Idan alamun laifi suka kai uku cikin kwana 90, a rufe tashar. Haƙƙin mallaka ma uku ne ke rufe tasha. Laifi mai tsanani kuwa ko sau ɗaya ne yakan isa. Idan an rufe, komai na ciki ke tafiya tare, mai laifi da marar laifi. Darasin lissafin da kake nema zai iya tafiya saboda wata waƙa da mai tashar ya ɗora bara.

Kuma cirewa ba hukuncin kotu ba ce. Ina faɗin wannan da ƙarfi. Na'ura ce ke fara tantance yawancin bidiyoyin nan, kuma tana kuskure. A 2017, bayan YouTube ya ƙara dogaro da na'ura wajen farautar bidiyoyin ta'addanci, an cire dubban bidiyoyin da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka tara a kan yaƙin Siriya. Hujjoji ne na abin da ya faru da mutane. Bayan ƙorafi, kamfanin ya dawo da wasu tashoshi da bidiyoyi da dama. Haka nan ɓarayin asusu sukan sace tashar mutum, su sauya mata suna, su ɓoye bidiyoyinsa, su riƙa tallar damfarar kuɗin intanet, har a rufe ta. Mai tashar na gida bai san hawa ba bai san sauka ba. Don haka idan ka ga an rufe tashar wani malami ko ɗan jarida, abin da ka sani shi ne an rufe. Dalilin kuwa sai ka ji daga bakinsa.

Na uku, gogewa. Wannan ya fi wuyar tabbatarwa. Idan ka ci sa'a za ka ga “This video has been removed by the uploader”. Ma'ana wanda ya ɗora ne ya cire abinsa. Wannan a fili yake. Amma sau tari abin da za ka gani gajere ne. “Video unavailable”, ko “This video isn't available anymore”. A Faransanci, “Vidéo non disponible”. Babu shi, shi ke nan, ba dalili.

Wannan gajeren saƙo ba hujja ba ce. Ku sake ji. Gajeren saƙon nan shi kaɗai ba ya tabbatar da gogewa. Linkin da ya guntule shi yake bayarwa. Bidiyon da aka goge ma shi yake bayarwa. Sai ka kawar da sauran dalilai ɗaya bayan ɗaya kafin ka ce an goge.

Kafin mu bar kashin nan, akwai wasu saƙonni da ke kama da cirewa alhali bidiyon na nan. Idan ka ga “in your country”, wato a ƙasarka, to an toshe shi ne a inda kake kawai. Ko dai mai tashar bai buɗe wa ƙasarku ba, ko mai haƙƙin wata waƙa da ke ciki ya hana. Gwajin mai sauƙi ne. Tura wa ɗan uwanka da ke wata ƙasa, ka ce ya danna. Idan ka ga “Sign in to confirm your age”, shekarunka ake tambaya, shiga da asusunka. Idan kuma a kwamfutar makaranta ko wayar yara ce, duba ko an kunna “Restricted Mode”, wato tsarin da ke ɓoye wasu bidiyoyi don kare ƙanana.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kamo mu, muna magana ne kan yadda ake gane bidiyon da aka goge, da wanda aka kulle, da wanda kamfani ya cire. Mun shiga kashi na huɗu. Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

Mu ƙaddara wata baiwar Allah mai koyon ɗinki. Wata uku da suka wuce yayarta ta turo mata linkin darasin yanka abaya ta WhatsApp. Yau ta shimfiɗa yadi a tabarma, almakashi da alli na gefe, ta danna. Allo ya ce “Video unavailable”. Ba ƙarin bayani.

Ta fara buɗe wani bidiyo. Ya yi. Data ba ta da laifi. Ta kwafi linkin daga asalin saƙon ta kai burauza. Ta ƙirga lambar, goma sha ɗaya cif. Kuma ta tuna da wannan linkin ta kalli darasin a baya. Ke nan ba guntulewa ba ce. Babu kalmar sirri, babu kalmar saɓawa, babu maganar ƙasa.

Yanzu tana bukatar sunan bidiyon da na tashar. Ina za ta samu? Ta koma saƙon yayarta. A saman linkin akwai ɗan hoto da take. WhatsApp ya ɗauko su ne ranar da aka tura saƙon, suka zauna a cikinsa. Ko bidiyo ya mutu, ɗan hoton nan da taken suna nan. Wannan yana da amfani, amma yana da ruɗi. Ganin hoton a saƙo ba ya nufin bidiyon na raye. Tsohon hoto ne.

Ta rubuta taken a binciken YouTube, ta gano tashar matar da ke koyarwa. Tashar na nan, har da sabon bidiyon shekaranjiya. Wannan ya kawar da batun rufe tasha. Da a ce ta tarar an rubuta cewa an rufe asusun, da magana ta ƙare a nan. Da kuma ta tarar da tasha da sunanta amma fayau babu bidiyo ko ɗaya, sai a yi tunanin mai ita ce ta ɓoye komai, ko an sace asusun.

Sai dabara ta gaba, wadda mutane da yawa ba su sani ba. Masu koyarwa sukan jera darussansu a jeri ɗaya, abin da allo ke kira Playlist. Kai ma idan ka adana bidiyo a naka jerin, ko a “Watch later”, gurbinsa yakan zauna ko bayan ya ɓace. Ta buɗe jerin darussan abaya. Ta ga darasi na uku, ta ga na biyar, babu na huɗu. Ta danna ɗigo ukun nan na jerin, ta zaɓi “Show unavailable videos”, wato a nuna waɗanda suka ɓace. Idan ba ka ga zaɓin a manhaja ba, gwada ta burauza. Sai ga gurbin na huɗu ya fito da hoto mai ruwan toka. A irin wannan gurbi rubutu biyu ake gani. Ko “Private video”, ko “Deleted video”. Nata ya ce na biyun.

To, an kusa, amma da saura. Wannan rubutu na biyu ba ya bambanta wanda mai shi ya goge da wanda kamfani ya cire. Duka biyun haka yake kiransu. Abin da ya tabbatar kawai shi ne, ba kullewa ba ce. Sai ta haɗa da abin da ta gani a baya. Shafin bidiyon bai ambaci saɓawa ba, bai ambaci haƙƙin mallaka ba, tasha kuma na aiki. Abin da ya fi rinjaye, malamar ce ta goge da kanta.

Me zai sa? Ga wani abu da ya kamata kowa ya sani. YouTube ba ya bari a musanya bidiyo da wani a kan linki ɗaya. Za ka iya datse wani yanki, za ka iya sauya take. Amma idan ka faɗi awo ba daidai ba kana so ka sake ɗauka, dole ka ɗora sabo, sabon kuma sabuwar lamba yake samu. Tsohon linki ya mutu ke nan. Baiwar Allah nan ta duba jerin bidiyoyin tashar, sai ga darasin da take iri ɗaya, an ƙara masa kalmar gyara. Linkinta ya mutu, darasinta na nan.

Da ba ta samu take a WhatsApp ba fa? Akwai hanya biyu. Kwafi lambar nan mai baƙaƙe goma sha ɗaya ita kaɗai, ka sa a binciken Google. Idan wani ya taɓa yaɗa linkin a wani shafi, taken zai iya fitowa. Hanya ta biyu ita ce ma'adanar tsofaffin shafuka da ake kira Wayback Machine, ta wata ƙungiya mai suna Internet Archive da ke Amurka. Adireshinta web.archive.org. Ka liƙa dogon linkin a akwatinta. Idan ta taɓa ɗaukar shafin, za ta nuna maka ranakun. Kada ka sa rai da yawa. Galibi take da sunan tasha za ka samu, ba bidiyon kansa ba, kuma ƙananan tashoshi sau da yawa ba ta taɓa bi ta kansu ba. Amma ranakun na da amfani. Idan shafin na raye a watan Maris, a watan Mayu kuma yana ɗauke da saƙon cirewa, ka san tsakanin da abin ya faru.

Tabbaci na ƙarshe yana wajen mutum ɗaya, mai tashar. Shi idan ya shiga YouTube Studio, wato ɗakin da yake sarrafa bidiyoyinsa, zai ga matsayin kowanne. Idan kamfani ne ya cire, an aika masa imel da dalili, kuma akwai wurin ɗaukaka ƙara. Idan kana da hanyar isa gare shi, tambaye shi cikin ladabi, ka tura masa linkin da hoton saƙon da ka gani.

Ku kuma masu tasha, shawara ɗaya. Idan kuna shakka a kan bidiyo, ku kulle, kada ku yi saurin gogewa. Gogewa ba ta ɗauke alamar laifin da aka riga aka sa wa tasha, kuma tana iya toshe muku hanyar ƙara.

Kashi na biyar, sauran dandali, a taƙaice.

Facebook ba ya bambantawa. Zai ce “This content isn't available right now”, sannan shi da kansa ya ce wataƙila mai shi ya taƙaita masu gani, ko ya sauya, ko an goge. Duka a jimla ɗaya. Gwajin da ya rage maka shi ne mutane. Ka sa wani abokin mai bidiyon ya danna. Idan ya buɗe masa kai bai buɗe maka ba, to na abokai ne kawai, ko na cikin wani zaure ne da ba ka ciki, ko kuma mai shi ya toshe ka. Idan bai buɗe wa kowa ba, ko an goge, ko an cire, ko ya mayar da shi nasa shi kaɗai, daga waje ba za ka rarrabe ba. Ku kuma sani, tun watan Fabrairun 2025 Facebook yana goge bidiyon da aka yi kai tsaye bayan kwana 30. Wa'azi ko walimar da aka haska kai tsaye wata biyu baya za su iya ɓacewa ba tare da kowa ya taɓa su ba. TikTok ma gajeren saƙo yake bayarwa. Duba shafin mai bidiyon. Idan ka ga alamar kwaɗo, ya mayar da asusunsa na sirri ne, sai wanda ya amince wa.

Duk inda ka ga saƙon da ya bayyana dalili, ɗauki hoton fuskar wayar nan take, da linkin a jiki. Saƙon kan sauya. Wanda yau ya ambaci sunan mai ƙorafi, gaba zai iya komawa gajeren nan marar bayani.

Abu na ƙarshe kafin lokaci ya cim mana. Wasu za su ce, ai ni na sauke shi a cikin manhajar YouTube, ina da shi. Wannan saukewar aro ce. Manhajar tana komawa intanet lokaci zuwa lokaci ta duba. Idan ta tarar an goge bidiyon ko an kulle, za ta ɗauke shi daga wayarka. Don haka darasin da kake bukata sosai, rubuta takensa da sunan tashar a littafi ko a cikin waya. Idan na ɗinki ne, rubuta awon da matakan. Idan na malaminka ne ko na wani da ka sani, roƙe shi ya turo maka bidiyon kansa, ka adana a katin waya.

Nan za mu dakata.